Idan Had Dis Ya Fara Nuna Lalatattun Sekta: Me Za Ka Fara Yi?

Yau za mu yi magana a kan had dis, wato faifan da kwamfuta take ajiye komai naka a ciki, da abin da ya kamata ka yi ranar da ya fara ba da rahoton cewa wasu sekta nasa sun lalace. Tambaya ce da take yawan shigowa. Wani ya ce laftof ɗinsa tana daskarewa, wani ya ce bidiyo ɗaya ya ƙi kwafuwa, wata ta ce ta kunna kwamfuta ta ga rubutu a baƙin allo yana cewa `SMART Status Bad, Backup and Replace`. Sau da yawa duk ciwo ɗaya ne. Kuma abin da ka yi a awannin farko shi yake raba wanda ya tsira da fayilolinsa da wanda ya rasa su.

Bari mu fara da sekta ɗin kansa. A cikin had dis akwai faranti mai sheƙi da yake juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti ɗaya, na kwamfutar tebur sau 7200. A samansa akwai wani ɗan hannu mai allura a baki, ita ce take karatu da rubutu. Allurar ba ta taɓa farantin, shawagi take yi a kansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. An yanka fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi shi ake kira sekta. A tsofaffin had dis sekta ɗaya yana ɗaukar bait 512, sababbi kuma 4096. Idan ka yi lissafi da 512, had dis mai terabait 1 yana da sekta kusan biliyan 2.

Sekta yana lalacewa ta hanya biyu. Ta farko, an ɗauke wuta ko batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, sai abin da aka rubuta ya fito rabi da rabi. Farantin lafiyarsa ƙalau, rubutun ne ya gurɓata, kuma idan aka sake rubutu a wurin sai ya koma daidai. Ta biyu ita ce mai haɗari: wurin da kansa ya samu rauni. Laftof ta faɗi tana kunne, ko an buga tebur, allura ta kartsi faranti, ko kuma tsufa da zafi sun cinye shi. Irin wannan ba ya warkewa. Abin da ya ƙara muni, ƙurar da ta tashi daga kartar tana nan a rufe a ciki, tana yawo, tana jawo wata kartar. Shi ya sa lalatattun sekta suke haihuwa.

To masu ƙera had dis sun san haka za ta faru, sai suka ware wasu sekta na ko-ta-kwana. Idan had dis ya zo karanta wani wuri ya kasa, ba ya yanke hukunci nan take. Sai ya sa wa wurin alama, ya ce wannan ina zarginsa. Ranar da aka zo yin rubutu a wurin sai ya gwada. In rubutun ya zauna, ya cire alamar. In bai zauna ba, ya rufe wurin har abada, ya ɗauko ɗaya daga cikin na ko-ta-kwana ya maye gurbinsa. Duk wannan a ɓoye yake yi, Windows ma ba ta sani ba. Amma yana rubuta lissafin a wani kundi nasa da ake kira SMART, kuma wannan kundin za mu koyi karantawa.

Kafin kundin, akwai alamun da ido da kunne suke kamawa. Kwamfuta ta riƙa tsayawa cak na daƙiƙa 20 ko 30 idan ka buɗe wata folda takamaimai, sannan ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wannan tsayuwar had dis ne yake ta maimaita karanta wuri ɗaya. Ko ka buɗe Task Manager ka ga Disk yana 100% alhali kusan ba abin da yake wucewa. Ko kana kwafin fayil ya tsaya a wuri ɗaya kullum, ya fito da `Data error (cyclic redundancy check)`. Ko hoto ya buɗe rabinsa toka-toka. Alama ɗaya daga cikin waɗannan ba ta isa hujja ba, domin kwamfuta tana iya yin nauyi saboda wasu dalilai. Amma ta isa ta sa ka duba.

Akwai alama guda da ba a dubawa, kashewa ake yi. Idan ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, ko ƙarar gurza, ko kwamfuta ta riƙa ganin had dis tana rasa shi, to matsalar ta wuce sekta, ta kai ga allura ko injin juyawa. Kowane minti da ya yi a kunne yana iya zama ƙarin karta. Ka kashe. In abin da ke ciki yana da tsada, masu ceto bayanai da suke da kayan aikin buɗe shi a wuri marar ƙura su ne kawai mafita. Kada ka kwance shi a ɗaki, kada ka saka shi a firji, kada ka bubbuga shi.

Yanzu kundin. A Windows manhajar da aka fi amfani da ita ita ce CrystalDiskInfo, kyauta ce. Ka sauke ta a fulash, kada ka ƙara rubuta komai a kan had dis ɗin da kake zargi. Da ka buɗe za ka ga `Good` da shuɗi, ko `Caution` da ruwan ɗorawa, ko `Bad` da ja. A ƙasa akwai dogon jeri, amma layi huɗu kawai nake so ka nema.

Na farko lambarsa `05`, sunansa `Reallocated Sectors Count`. Shi ne adadin sektan da aka riga aka rufe aka sauya. Tarihi ne, yana gaya maka raunin da aka yi a baya. Na biyu `C5`, `Current Pending Sector Count`, su ne waɗanda ake zargi, waɗanda had dis ya kasa karantawa a yanzu. Wannan ya fi tayar min da hankali, domin yana nufin akwai wani yanki na wani fayil ɗinka da ba ya karantuwa a yau. Na uku `C6`, `Uncorrectable Sector Count`, wuraren da had dis ya bincika da kansa ya kasa gyara kuskurensu. Na huɗu `C7`, `UltraDMA CRC Error Count`, shi kuma daban yake: yana ƙirga kuskuren da ya faru a hanya tsakanin had dis da kwamfuta. In shi kaɗai yake hawa, sauran ukun suna sifili, to ka zargi kebul ko mahaɗa kafin ka zargi faranti.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kowane layi yana da `Current`, `Worst`, `Threshold` da `Raw Values`. Mutum ya ga 100 ko 200 a ƙarƙashin `Current` sai ya ɗauka sekta 100 ne suka lalace. A'a, wannan maki ne kamar na jarrabawa, daga sama yake farawa yana sauka. Ainihin adadin yana ƙarƙashin `Raw Values`. Kuma shi ma akwai tarko, domin manhajar tana nuna shi da wani salon ƙirga na kwamfuta mai tushe 16. Idan ka ga `000000000018`, ba 18 ba ne, 24 ne. Idan ka ga `000000000100`, 256 ne. Don ka huta, shiga `Function`, sai `Advanced Feature`, sai `Raw Values`, ka zaɓi `10 [DEC]`. Ƙari ɗaya: in had dis ɗinka Seagate ne za ka ga wata ƙatuwar lamba a `Read Error Rate`. Haka suke nuna ta ko da sababbi ne, kada ta firgita ka.

Wani zai ce, to sekta 8 cikin biliyan 2 ai ba komai ba ne. Ta fuskar girma gaskiya ne. Amma a 2007 ma'aikatan Google sun fitar da bincike a kan had dis sama da 100,000 da kamfanin yake amfani da su. Sun gano cewa wanda ya sauya sekta karo na farko, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta wanda bai taɓa sauyawa ba fiye da sau 14. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna komai a SMART ba. Darasi biyu kenan. In ya yi gargaɗi ka yarda da shi. In bai yi ba, shirunsa ba tabbacin lafiya ba ne.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka ɗauka wata 'yar'uwa ce mai haɗa bidiyon biki. Laftof ɗinta tana da had dis mai terabait 1, a ciki akwai aiki na gigabait 600. Biki biyu ba ta miƙa ba tukuna, su ne gigabait 80. Sauran tsofaffin ayyuka ne da finafinai. Bidiyo ɗaya ya ƙi kwafuwa, ta buɗe CrystalDiskInfo ta ga `Caution`. Layin `05` yana 24, `C5` yana 8, `C6` da `C7` sifili, kuma ba ƙara. Me za ta yi?

Abu na farko, ta ɗauki hoton allon da wayarta, don a samu abin kwatantawa daga baya. Na biyu, ta daina aiki a kan kwamfutar. Ba haɗa bidiyo, ba sauke komai. Na uku, ta guji abin da kusan kowa zai ba ta shawara, wato `chkdsk /r`. Wannan umarnin yana bin farantin gaba ɗaya yana karantawa, yana dagewa a kan wuraren da suka yi rauni, sannan yana sauya tsarin fayiloli yayin da yake gyara. A kan had dis mai ciwo, awanni ne na wahala, kuma abin da ya sauya ba ya dawowa. Haka ma `defrag`, haka ma fomat, haka ma manhajojin da suke alƙawarin farfaɗo da sekta. Duk wani gyara sai bayan an kwashe kaya. Ba a gyaran ɗaki da kaya a ciki alhali rufi yana zuba.

Sai kwafi, kuma kwafin yana da tsari. Ka ɗauka had dis ɗin yana da sauran awanni da ba ka san yawansu ba, don haka abin da ba shi da madadi shi ne a gaba. Ita a wurinta bikin nan biyu ne, sai takardu da hotunan gida. Finafinai su ne na ƙarshe, in ma an kai kansu. Ta samo had dis na waje mai lafiya, wanda muke cewa eksitanal, ta jona a USB 3, wanda yawanci bakinsa shuɗi ne. Ta tabbatar batir ya cika, in da inbata ta jona, domin ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki ƙarin ciwo ne. Ta ɗora laftof a kan tebur mai tauri inda iska take shiga, ba kan katifa ba, kuma kada a motsa ta.

In ta ja folda ta sauke kamar kullum, kwafin zai iya maƙalewa a fayil ɗin da ya lalace. Gara ta yi amfani da `robocopy`, yana nan cikin Windows. A Command Prompt:

```
robocopy D:\Biki E:\Biki /E /R:0 /W:0 /LOG:E:\rahoto.txt
```

`D:\Biki` inda kayan suke, `E:\Biki` inda za su je, kowa ya sa nasa. `/E` yana ɗauko duk foldojin ciki. Muhimmin wurin shi ne `/R:0`, ma'ana in fayil ya ƙi, a wuce shi. In ba ka sa ba, `robocopy` zai iya maimaita fayil ɗaya har sau miliyan 1, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Shi kuma `rahoto.txt` zai nuna mata waɗanda suka ƙi. A misalinmu, a ce komai ya wuce sai bidiyo ɗaya. Ta buɗe wasu daga cikin waɗanda aka kwafa a wata kwamfutar, ta ja su zuwa tsakiya da ƙarshe, ta tabbatar suna wasa. Ganin sunan fayil a folda bai nuna yana da lafiya ba.

Yanzu ta sake buɗe CrystalDiskInfo. `05` yana nan a 24, amma `C5` ya tashi daga 8 zuwa 64. Ku lura, sekta 64 sau bait 512 kilobait 32 ne kacal, bai kai hoto ɗaya na waya ba. Amma ya ninka sau 8 a yini guda. Wani ɓangaren hawan saboda an karanta wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba ne, sai ɓarnar da ke kwance ta bayyana. Ko ma dai yaya ne, amsar ɗaya ce: ɓarnar ta fi abin da aka fara gani, kuma wannan had dis ba abin jingina ba ne kuma.

Saura bidiyon da ya ƙi, da sauran gigabait 500 da wani abu. A nan ne ake sauya dabara, a daina kwafin fayil ɗaya-ɗaya, a kwafi had dis ɗin dungurungum, sekta bayan sekta. Manhajar wannan aiki ita ce GNU ddrescue. Tana cikin SystemRescue, wani Linux da ake sa wa a fulash a tayar da kwamfuta da shi, ta yadda Windows ba za ta taɓa mai ciwon ba. Hikimarta ita ce tana fara kwashe wurare masu sauƙi da sauri, tana tsallake masu wuya, sai daga baya ta dawo kansu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai, don in an katse a ci gaba daga nan.

Kana buƙatar wani had dis wanda ba komai a ciki, girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, domin duk abin da ke kansa zai goge. Ba wanda ka zuba kwafin farko a ciki ba. Ka fara da gane wane ne wane:

```
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL
```

A ce mai ciwon shi ne `sda`, sabon kuma `sdb`. Zagaye na farko, sai na biyu:

```
ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb ceto.map
ddrescue -f -d -r3 /dev/sda /dev/sdb ceto.map
```

Na farko yana kwashe mai sauƙi ba tare da tonon wurare masu wuya ba. Na biyu yana komawa kan abin da ya rage, ya gwada sau 3. Don Allah ku saurara da kyau: mai ciwo ake fara rubutawa, sabo na biye. In ka juya su, za ka shafe kayanka da hannunka, kuma ba mai tambayarka ko ka tabbata. Ka duba lambar jikin had dis ɗin ka kwatanta da ta allo. Shi kuma `ceto.map` a ajiye shi a wani fulash daban, don kada ya ɓace in kwamfutar ta mutu. In ba ka saba da irin wannan ba, ka kai wa mai gyaran da ya san ddrescue, ka gaya masa ƙarara kwafi kake so, kada ya yi fomat. In kuma Windows ɗinka tana da BitLocker a kunne, ka nemo makullin cetonsa mai lamba 48 tun kafin a fara.

Terabait 1 mai lafiya ta USB 3 yakan ɗauki awa 3 zuwa 4. Mai ciwo yana iya kwana, yana iya kai kwanaki. A ƙarshe ddrescue zai nuna nawa aka ceto, nawa suka ƙi. A misalin 'yar'uwarmu, in abin da ya ƙi 'yan kilobait ne a tsakiyar bidiyo, yawanci bidiyon zai buɗe, sai ɗan tsalle ko dishi-dishi na ɗan lokaci, wanda za ta iya yankewa. Da a ce fayil ɗin ZIP ne, ramin kilobait kaɗan zai iya lalata abin da ya faɗa a kansa gaba ɗaya. A kan sabon kwafin ne za a yi `chkdsk` in ana buƙata.

To, a canza ko a ci gaba? Ga yadda nake yanke hukunci. In `C7` ne kaɗai, canza kebul ka sa ido. Lambar ba za ta koma sifili ba, abin nema shi ne ta daina hawa. In `C5` ne ya nuna kaɗan bayan ɗauke wuta, `05` yana sifili, to bayan ka kwashe komai kana iya yin cikakken fomat, wanda aka cire wa alamar `Quick Format`, domin shi yana rubutu a kan kowane sekta na ɓangaren. In `C5` ya koma sifili, `05` bai motsa ba, alama ce rubutu ne ya gurɓata, faranti bai ji ciwo ba. In kuwa `C5` ya sauka amma `05` ya hau, rauni ne na gaske, ɓoye shi kawai aka yi. In `05` yana da ɗan adadi kuma ya yi watanni bai motsa ba, kana iya barinsa ya riƙe abin da kake da shi a wani wuri. Amma duk inda lamba take hawa tsakanin dubawa biyu, ko `C6` ya bar sifili, ko ka ga `Bad`, to a canza, ba jira. Na 'yar'uwarmu a nan ya faɗa.

Wajen canji, in laftof ce mai had dis na inci 2.5, SSD mai SATA yana shiga gurbinsa daidai. Ba shi da faranti ba shi da allura, girgiza ba ta damunsa kamar wancan, kuma kwamfutar za ta yi sauri sosai. Sai dai shi yana iya mutuwa farat ɗaya ba ƙara ba gargaɗi, don haka kwafi na biyu yana nan a wuyanka. In na hannu za ka saya, ko laftof tokumbo, ka je kasuwa da CrystalDiskInfo a fulash, ka duba layukan nan huɗu da `Power On Hours` kafin ka biya. Tsohon kuma kada ka sayar wa wani a matsayin mai lafiya, kuma kada ka jefar da shi da hotunan mutane a ciki. A goge shi gaba ɗaya, in ya ƙi goguwa a huda farantin.

A nan za mu dakata. Wanda bai taɓa duba SMART na kwamfutarsa ba, ya duba yau, ya ɗauki hoton allon ya ajiye, bayan wata ɗaya ya sake dubawa ya kwatanta. In ka ga lambar da ba ka gane ba, turo mana `05`, `C5`, `C6` da `C7` ɗinka, ka rufe lambar jikin had dis ɗin, za mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.